Yadda Ake Haɗa Fidfowad Don Riƙe Matakin Ruwa a Durom ɗin Tukunyar Tururi

A tukunyar tururi mai bututun ruwa, irin wadda ake gani a masana'antar sukari, ko matatar mai, ko tashar lantarki kamar Egbin a Legas da ta Sonichar a Anou Araren, akwai wani lokaci da matakin ruwan durom, wato tankin sama inda tururi ke rabuwa da ruwa, yake yi wa kwanturola ƙarya, ita da ke sarrafa bawul ɗin shigar ruwa. Lokacin shi ne da zarar masu amfani da tururi suka ƙara ja. Ruwa ya fara fita da yawa a matsayin tururi, don haka abin da hankali zai ba ka shi ne mataki ya sauka. Amma sai ya hau. Dalili kuwa, ƙarin jan tururi yana rage matsin durom, kumfar da ke cikin bututun da wuta ke dafawa sai ta buɗe ta yi yawa, ta turo ruwa sama, kamar dai yadda lemon kwalba yake tasowa idan an ɓalle marfi alhali ba a ƙara masa ko ɗigo ba. Wannan shi ne kumburi. Idan aka rage jan tururi kuma sai akasin haka ya faru: matsi ya hau, kumfa ta matse, mataki ya sace ya yi ƙasa alhali ruwa taruwa yake yi.

Kwanturolar da ba ta ganin komai sai mataki, wato fidbak zalla, za ta ga ruwa ya hau ta rufe bawul a daidai lokacin da tukunya ta fi bukatar ruwa. Maganin shi ne a daina jiran mataki ya ba da labari. A auna tururin da ke fita, a ce wa ruwan da ke shiga ya bi shi nan take, tan da tan. Wannan shi ne fidfowad, kuma idan aka haɗa shi da luf ɗin kwararar ruwa da luf ɗin mataki, kowanne zagaye ne na aunawa da gyarawa, shi ne tsarin da ake kira mai ma'auni uku. Duk aikin lissafin shiga da fita ne, kuma ingancinsa ba ya wuce ingancin mitocin kwarara guda biyu da aka ɗora shi a kansu.

Zan bi tukunya ɗaya ta misali daga farko har ƙarshe: tana ba da tan 60 na tururi a awa idan ta cika lodi, matsinta bar 40, durom ɗinta faɗin mita 1.5 da tsawon mita 6. Tirif na ƙarancin ruwa, wato kariyar da ke kashe tukunya da kanta, yana milimita 200 ƙasa da tsakiya.

Fara da sanin yawan lokacin da kake da shi

Kafin ka taɓa komai a allon DCS, wato kwamfutar da ke sarrafa tukunya daga ɗakin kula, ɗauki biro. Fuskar ruwa a tsakiyar durom ɗin nan murabba'in mita 9 ce, wato 1.5 sau 6. Ruwa a bar 40 yana tafasa ne a wajen digiri 250, kuma a wannan zafin nauyinsa kusan kilo 800 ne a kowace kubik mita, ba 1000 ba. Ke nan kowace milimita ɗaya ta mataki tana riƙe da kilo 7.2. Idan shiga da fita suka saɓa da tan 1 a awa, kilo 16.7 ke nan a minti, mataki zai riƙa tafiya milimita 2.3 a kowane minti, kuma ba zai tsaya da kansa ba. Riƙe wannan lamba, 2.3, za mu dawo kanta.

Yanzu a ce jan tururi ya tashi daga tan 30 zuwa 40, ruwa kuma bai bi ba. Giɓin tan 10 yana cin milimita 23 a minti, tirif zai kama ka a ƙasa da minti 9. Da fidbak zalla abin ya fi haka muni. Mataki ya kumbura da milimita 40 cikin rabin minti, kwanturola ta rage ruwa zuwa tan 26, giɓi ya zama tan 14, wato milimita 32 a minti. Sa'ad da kumfa ta lafa, sai a ga layin mataki a allo ya gangaro kamar an cire toshiya, kwanturola ta wangale bawul, ruwa mai ɗan sanyi ya kwararo ya ƙara kashe kumfa, mataki ya ƙara nutsewa. Ruwan da ya baro diyareta, tankin da ke cire iska daga ruwa, yawanci yana wajen digiri 105, ko an ɗumama shi a hanya bai cika kai zafin durom ba, shi ya sa buɗe bawul ma kansa yana fara sa mataki ya ɗan sauka kafin ya hau.

Mataki na ɗaya: gyara mitocin kwarara

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne ake yawan tsallakewa saboda ba shi da daɗi. Mitar tururi a irin waɗannan tukwane galibi faifan orifis ne ko benturi, da taransimita mai auna bambancin matsi a gefe biyu. Bambancin matsin yana tafiya ne da murabba'in kwarara, don haka dole a cire tushen murabba'i sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Duba saitin taransimita, ka duba bulok ɗin shigar sigina a DCS. Idan duka biyun suna `SQRT`, an cire sau biyu, idan duka suna `LINEAR`, ba a cire ba. Gwajin ba wuya: sa wa taransimita matsin da ya kai kashi 25 cikin ɗari na iyakarta. Allo ya kamata ya nuna kashi 50. Idan ya nuna wajen 71 an ninka cirewa, idan ya nuna 25 ba a yi ba. Wannan kuskure yana ɓuya domin a sifili da kuma a cikakken lodi duk lambobin uku sun yi daidai da juna.

Na biyu shi ne gyaran matsi. An yi lissafin faifan orifis ne a kan tururi mai wani nauyi na musamman, a misalinmu na bar 40. Idan matsi ya faɗi zuwa bar 36, tururin ya yi sauƙi da kusan kashi 10 cikin ɗari, mitar kuma za ta nuna fiye da gaskiya da kusan kashi 5. A tan 40 tan 2 ke nan na ƙarya. Abin haushin shi ne matsi yana faɗuwa ne daidai lokacin da lodi ya ƙaru, wato lokacin da kake dogaro da mitar. Gyaran shi ne:

```
F_STEAM = F_RAW * SQRT(P_ABS / P_DESIGN_ABS)
```

`F_RAW` abin da mita ta nuna ne, `F_STEAM` kuma kwararar tururi bayan gyara. Matsin da za a sa a nan shi ne cikakke, wato abin da agogon matsi ya nuna a ƙara masa kusan bar 1 na iskar duniya. Idan tururin ya bi ta bututun ƙara zafi kafin ya iso mita, sai an haɗa da gyaran zafi shi ma, kuma yawancin DCS suna da bulok da ke ɗauko nauyin tururi daga tebur kai tsaye. Yi amfani da shi idan akwai.

Sannan ka fita daga ɗakin kula ka bi bututu da ƙafa. Abin da kake nema shi ne duk ruwa ko tururin da ke shiga ko fita ba tare da ya bi ta mita ba. Ruwan da ake zubarwa kullum daga durom don rage gishiri yana fita ba a auna shi a mitar tururi. Tururin busa toka yawanci ana ɗibarsa kafin mita. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne ruwan feshi da ake sanyaya tururi da shi. Idan an ɗebe shi bayan mitar ruwa, kuma mitar tururi tana bayan wurin feshin, to mitocin biyu duk sun ƙirga shi, lissafi ya daidaita. Idan kuwa an ɗebe shi kafin mitar ruwa, mitar tururi tana ƙirga abin da bai taɓa shiga durom ba, sai ka cire shi daga siginar fidfowad. Zanen takarda ba ya wadatarwa a nan, domin tukunyar da ta yi shekaru an sha yi mata kwaskwarima ba a sabunta zane ba.

Kada ka bar wurin ba ka duba ƙananan bututun da ke kai matsi ga taransimitar tururi ba. Dukansu biyu su cika da ruwan da ya sauko daga tururi zuwa tsayi ɗaya. Idan ɗaya ya rage, ko bawul ɗin daidaitawa na tsakiya yana yoyo, sifilin mitar ya kauce. Ka kuma gwada abin da taransimitar mataki take nunawa da gilashin duba ruwa a lokacin da tukunya take kan cikakken matsinta.

Mataki na biyu: luf ɗin kwararar ruwa

Wasu suna kai siginar tururi kai tsaye ga bawul, su ce kashi 50 na tururi shi ne kashi 50 na buɗewa. Wannan tsarin ma'auni biyu ne, kuma rauninsa a fili yake: buɗewar bawul ba kwarara ba ce. Idan aka tayar da famfo na biyu, ko wata tukunya da ke kan layi ɗaya ta ja ruwa, ko matsin durom ya canza, buɗewa iri ɗaya za ta ba da ruwa daban. Shi ya sa ake sa kwanturolar kwarara, `FIC`, a tsakani. Ana gaya mata tan nawa ake so, ita kuma ta nemo buɗewar da za ta ba da shi.

Sa kwanturolar mataki a `MAN`, wato tuƙi da hannu, ofareta yana tsaye a kan allo, ka motsa saitin `FIC` da tan 2 sama, ka dawo da shi. Kwarara ta isa sabon saiti cikin daƙiƙu, goma zuwa ashirin, ba tare da ta yi ta lilo ba. Ƙarfin `P`, mai amsawa gwargwadon girman kuskure, kaɗan; `I`, mai tara kuskure, da sauri; `D`, mai bin saurin canji, a kashe. Idan ka ga fitar kwanturola tana hawa a hankali kwarara ba ta motsa ba, can sai ta yi tsalle ta wuce, layin ya zama kamar haƙoran zarto, bawul ɗin ne yake liƙewa. Ba saiti da zai gyara wannan, sai an duba fozishina, wato na'urar da ke kai bawul buɗewar da aka umarta, da abin da ke riƙe sandar bawul. Ka kuma lura da inda bawul yake a cikakken lodi. Idan ya riga ya kai kashi 95, fidfowad zai nemi ruwan da babu hanyar shigarsa.

Mataki na uku: haɗa lissafin

Saitin luf ɗin ruwa zai zama jimillar abu uku:

```
FW_SP = K * F_STEAM + B + LIC_OUT
```

`K` shi ne yawan ruwan da ake so a kan kowane tan na tururi, `B` ƙari ne tsayayye na ruwan da ake zubarwa, `LIC_OUT` kuma gyaran da kwanturolar mataki take yi. Fara da `K` a 1.0 da `B` a sifili, muddin duk siginonin suna tan a awa. Fitar kwanturolar mataki dole ta iya zama ƙari ko ragi, misali daga -15 zuwa +15, sifili a tsakiya.

Tarko yana nan idan tsarinka da kashi cikin ɗari yake lissafi, kamar yawancin tsofaffin kwanturoloji na kan bango. A ce mitar tururi tana daga 0 zuwa 60, ta ruwa kuma daga 0 zuwa 75, wanda abu ne da aka saba domin ana ba layin ruwa sarari. Tan 40 na tururi kashi 66.7 ne. Idan ka kai wannan kashin ga luf ɗin ruwa da `K` a 1.0, kashi 66.7 na 75 tan 50 ne. Kwanturolar mataki za ta cire tan 10 ɗin a hankali ta zauna, kowa ya ɗauka lafiya lau, amma duk ƙarin lodi na tan 10 zai jawo ruwa tan 12.5. `K` ɗin da ya dace a nan 60 a raba da 75 ne, wato 0.8.

Sai batun lokaci. A littafi, fidfowad yana da ɓangaren gaggauto sigina da ɓangaren jinkirta ta, domin gyara ya iso tare da abin da yake gyarawa. A durom ban ga dalilin gaggautawa ba. Luf ɗin ruwa yana da sauri, kuma gaggautawa tana ƙara girman hayaniyar mita ta sa bawul ya yi ta rawa. Ɗan jinkirin tace hayaniya na daƙiƙa 2 zuwa 5 ya isa a fara da shi. Idan durom ƙarami ne har kumburi yana kai mataki kusa da ƙararrawar sama, ana iya tsawaita jinkirin don kada a ƙara ruwa a kan ƙololuwar kumburin. Kuɗin da za ka biya yana da sauƙin lissafi: ƙarin tan 10 a awa kilo 2.8 ne a daƙiƙa, jinkirin daƙiƙa 20 zai rasa kilo 56, wato kusan milimita 8 na mataki. Wannan ciniki ne mai kyau idan ana bukatarsa. Jinkirin minti biyu kuwa zai ci kusan milimita 46, a nan an fara zubar da amfanin aikin.

Mataki na huɗu: sassauta kwanturolar mataki

Da fidfowad ya ɗauke babban kaya, aikin kwanturolar mataki ya koma share ƙaramin bambanci. Saitin da aka gada daga zamanin fidbak zalla yawanci ya yi mata ƙarfi, kuma za ta iya rushe abin da ka gina. Duba lissafin. Idan ƙarfinta tan 0.25 ne a kan kowace milimita, kumburin milimita 40 zai sa ta cire tan 10, daidai abin da fidfowad ya ƙara. Ruwa ba zai motsa ba, kamar ba ka haɗa komai ba. Da ƙarfin 0.1 tan 4 kawai za ta cire na ɗan lokaci, ruwa ya tashi daga 30 zuwa wajen 36, ya ƙarasa 40 yayin da kumfa take lafawa.

Mataki abu ne mai taruwa, don haka dokar saita shi ta bambanta da ta zafi ko kwarara. Idan ka rage ƙarfi, dole ka tsawaita lokacin `I`, in ba haka ba mataki zai shiga lilo mai tsawo, hawa da sauka a hankali na minti da yawa. Ƙa'idar ita ce ƙarfi sau saurin durom sau lokacin `I` kada ya gaza 4:

```
Kc * Kp * Ti >= 4
0.1 * 2.3 * Ti >= 4   ->   Ti >= 17.4 min
```

Minti 18 ke nan. Masu kula da tukunya sukan ga wannan ya yi sanyi da yawa, su nemi a mayar da shi minti 3. Idan aka yi haka lilon zai fito, wani ya zo ya ƙara rage ƙarfi da nufin kwantar da shi, lilon kuma ya ƙara girma. Alamar wannan cuta ita ce lilo mai santsi wanda zagayensa ɗaya yake ɗaukar minti goma ko fiye, ko da lodi yana zaune. Maganinsa tsawaita `Ti` ko ɗan ƙara ƙarfi. Ka tabbatar da ma'aunin da DCS ɗinka yake amfani da shi, domin wasu minti suke karɓa, wasu daƙiƙa, wasu kuma maimaici a minti, inda ƙaramar lamba take nufin a hankali.

Mataki na biyar: gwaji, da gyara K daga shaidar da ke allo

Kunna tsarin a lodi tsaka-tsaki mai zaman lafiya. Kafin ka sa `FIC` a `CAS`, wato ta riƙa karɓar saitinta daga lissafin `FW_SP`, tabbatar `LIC_OUT` tana bin bambancin da ke tsakanin ruwan yanzu da abin da fidfowad ke nema, domin kada saiti ya yi tsalle a lokacin sauyi. Ɗora layuka biyar a allo ɗaya: tururi, ruwa, mataki, matsin durom, da `LIC_OUT`. Sai ka nemi masu amfani da tururi su ƙara kamar tan 5, su sanar da kai kafin su yi. Abin da kake son gani shi ne layin ruwa ya bi na tururi cikin daƙiƙu, mataki ya ɗan yi tozo ya dawo ba tare da ya nutse can ƙasa ba. Tozon ba zai ɓace ba. Kumburi ba ƙarancin ruwa ba ne, fidfowad ba ya hana shi, abin da yake hanawa shi ne ramin da ke biyo baya. Wanda yake son rage tozon sai ya duba luf ɗin wuta da matsi, ko ya roƙi masu ja su riƙa buɗe bawul ɗinsu sannu a hankali.

Karanta abin da ya faru bayan tozon. Idan mataki ya gangara ƙasa da saiti ya daɗe kafin ya dawo, `LIC_OUT` kuma ta zauna a sama da inda ta fara, `K` ya yi kaɗan. Idan mataki ya maƙale a sama, `LIC_OUT` ta zauna ƙasa, `K` ya yi yawa. Amma hanyar da ta fi wannan tabbas ba ta bukatar girgiza tukunya. Cikin 'yan kwanaki na aiki, rubuta inda `LIC_OUT` take zama a lodi daban-daban, bayan komai ya natsu na aƙalla rabin awa. A ce ka samu haka: a tan 20 tana +1.4, a 30 tana +1.9, a 40 tana +2.4, a 50 tana +2.9. Daga tan 20 zuwa 50 ta ƙaru da 1.5, a raba da 30, ya ba da 0.05. Wannan shi ne abin da `K` ya rasa, sai ya koma 1.05. Ragowar kuma, 1.4 a cire 0.05 sau 20, ya bar 0.4, shi ne `B`. Bayan gyara `LIC_OUT` za ta zauna kusa da sifili a kowane lodi, kuma wannan ita ce shaidar cewa fidfowad yana ɗaukar kayansa.

Sai dai kada ka shigar da 1.05 ka tafi ba ka tambayi inda kashi 5 ɗin yake zuwa ba. Idan ruwan zubarwa ne da ake ƙarawa tare da lodi, ko ɗan saɓanin mita, to babu laifi. A ganina duk `K` da ya fita daga tsakanin 0.9 da 1.1 a ma'aunin tan, mita ce take neman gyara, kuma rufe ta da lissafi ɓoye ciwo ne. Rubuta lambobin da ka samu da kwanan wata a littafin tukunya. Ranar da `LIC_OUT` ta fara hawa a hankali a lodi ɗaya, yau +0.3, jibi +1.5, ba tare da an taɓa bawul ɗin zubarwa ba, abu na farko da za a zarga shi ne bututu ya fara yoyo a cikin tanderu. Tsarin zai riƙe mataki daram yana ciyar da yoyon, don haka sa ƙararrawa a kan bambancin ruwa da tururi.

Mataki na shida: ƙaramin lodi da mutuwar sigina

Mitar bambancin matsi ba ta gani sosai a ƙasa. A kashi 30 na kwarara bambancin matsi kashi 9 ne kawai, a kashi 10 kuma kashi 1. Kaucewar sifili ta rabin kashi, wadda a rabin lodi za ta mayar da 50 zuwa 50.5, a kashi 10 za ta nuna 12.2. Saboda haka lokacin tayar da tukunya da lokacin ƙaramin lodi ana komawa fidbak zalla, kwanturolar mataki ta daban tana tuƙa bawul kai tsaye, sau da yawa ƙaramin bawul na gefe. Sa sauyin ya faru a wurare biyu daban, misali a shiga ma'auni uku idan tururi ya haura kashi 30, a fita idan ya sauka ƙasa da 25, don kada tsarin ya yi ta kai da komo a kan iyaka. Kwanturolar da ba ta kan aiki ta riƙa bin fitar wadda take aiki. Kowacce da saitinta, domin ɗaya tan take fitarwa, ɗaya kuma kashin buɗewar bawul.

Ka kuma yi tanadin ranar da wayar mitar tururi za ta tsinke. Sigina ta faɗi sifili, fidfowad ya ɗauka an daina jan tururi, ya rufe ruwa gaba ɗaya a tukunyar da ke fitar da tan 40. Da saurin 2.3 sau 40, milimita 92 ke nan a minti, tirif cikin kusan minti biyu. Saita tsarin ya riƙe lamba mai kyau ta ƙarshe da zarar sigina ta zama `BAD` ko ta faɗi ƙasa da 4 mA sosai, ya koma fidbak zalla, ya buga ƙararrawa. Gwada wannan da gaske, ta hanyar zare wayar a lokacin da tukunya take kashe. Idan bawul ya kai ƙarshen buɗewarsa ko `FIC` ta fita daga `CAS`, ɓangaren `I` na kwanturolar mataki ya tsaya da taruwa, in ba haka ba zai cika ya sa mataki ya wuce sama bayan matsalar ta kau.

Tirif na ƙarancin ruwa da na yawan ruwa su kasance a kan nasu na'urorin, ba su dogara da wannan lissafi ba. Akwai kuma jan tururin da mita ba za ta taɓa gani ba, wato tashin bawul ɗin kariya da busa toka, waɗannan kwanturolar mataki ce kaɗai za ta tare su. Busa toka dai an san lokacinsa da kimanin abin da yake ci, don haka idan yana jan mataki ƙasa sosai ana iya ƙara adadinsa a kan `B` daga siginar da ke nuna an kunna mabushin, a cire shi idan ya gama.